Yadda Ake Cire Zaren Shunayya Daga Gefen Farar Riga a Hoto

Duk mai ɗaukar hoton ɗaurin aure ko hawan Sallah a Kaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san wannan matsala. Hoto ya fito fes a fuskar kamara, amma da an buɗe shi a kwamfuta sai ka ga wani siririn zare mai launin shunayya ya bi gefen rawani, ko kafaɗar babbar riga, ko rassan darbejiya inda suka haɗu da farin sararin sama. A ƙaramin kati ba ya damun kowa. Ranar da aka ce a buga hoton babba don a rataya a falo, ranar yake tona asiri. Shawarata a taƙaice ita ce: ka fara gane irin zaren da ke gabanka, sannan ka yi gyaran a kan zaren kaɗai, kada ka taɓa sauran hoton.

Asalin abin daga gilashin kamara ne. Farin haske haɗin launuka ne, kuma gilashi ba ya lanƙwasa su daidai wa daida: shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa. Saboda haka launukan ba sa sauka wuri guda cif, kuma inda fari mai ƙyalli ya yi iyaka da duhu nan ne saɓanin yake fitowa fili. Ranar tsaka ta arewacin Zamfara, da farar shadda mai sheƙi, da farin sama na lokacin hunturu, duk suna ƙara masa ƙarfi.

Zaren iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka ƙara girman hoton zuwa kashi 200 cikin ɗari ka duba. Idan tsakiyar hoton a wanke take, zaren yana can kusurwoyi, kuma sandar tuta ko turken rumfa yana da ja a gefe ɗaya da shuɗi-kore a ɗaya gefen, to kana da iri na farko. Wannan mai sauƙi ne. A Lightroom Classic, ka shiga Lens Corrections, ka danna Remove Chromatic Aberration. A Camera Raw da Lightroom na waya yana ƙarƙashin Optics. Manhajar za ta daidaita girman launukan su hau kan juna, ba tare da ta kashe wani launi ba, don haka babu laifi ka riƙa danna shi a kowane hoto.

Iri na biyu shi ne mai taurin kai. Yana fitowa ko'ina, har tsakiyar hoto, kuma launi ɗaya ne yake zagaye abin. Alamarsa ita ce, abin da ke gaba da inda ka saita kamara yana ɗaukar shunayya, na bayansa kuma yana ɗaukar kore. Ya fi yawa idan an buɗe ƙofar haske sosai, kamar f/1.8. Waccan dannawa ɗaya ba ta kawar da shi. Sai an yi amfani da Defringe, wanda kamfanin Adobe ya kawo ma'aunansa na shunayya da kore a Lightroom 4.1 a shekarar 2012.

Mu ɗauki misali. An ɗaura aure a Shinkafi da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Ango yana tsaye bakin inuwar darbejiya cikin farar shadda, abokinsa na gefe yana sanye da hula mai aikin shunayya. An ɗauki hoton da gilashin 50mm a f/1.8. Shunayya ta bi kafaɗar ango da bakin hannun rigarsa, rassan da ke baya kuma sun yi kore-kore.

Da farko ka danna wancan akwatin na iri na farko, don abin da zai tafi da sauƙi ya tafi. Sai ka shiga Manual, ka ɗauki ɗan tsinken zaɓen launi da ke wurin, ka taɓa tsakiyar zaren da ke kafaɗar ango. Manhajar za ta saita Amount da Purple Hue da kanta. Kada ka amince da abin da ta zaɓa ido rufe. Ma'aunin Amount daga 0 zuwa 20 yake tafiya, kuma yawan lambar shi ne faɗin wurin da za a kashe wa launi a gefen abu. Ka mayar da shi 2 ko 3, ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya har zaren ya ɓace, ka tsaya nan. Purple Hue kuma yana farawa ne a 30/70. Idan ragowar zaren ta karkata zuwa shuɗi, ka ja madannin hagu waje kaɗan. Idan ta karkata zuwa ja, ka ja na dama. Haka za ka yi wa koren rassan da ma'aunan kore da ke ƙasa.

Yanzu ka koma kan hular abokin ango, domin nan ɓarna take faruwa. Manhajar ba ta san bambancin shunayyar zare da shunayyar ado ba. Duk wadda ta samu kusa da gefe mai kaifi, kashe ta take yi. Za ka gane ta wuce gona da iri idan aikin hular ya koma ruwan toka, ko wani layin toka ya zagaye leɓe da yatsu, ko bakin ganye ya dusashe. Idan ka ga haka, ka fara matse Purple Hue ya tsaya kan launin zaren kawai. Idan bai isa ba, ka ɗauki Brush a sashen Masking, ka shafe hular, ka ja Defringe na wurin zuwa -100. Wannan yana kare hular daga gyaran da aka yi wa sauran hoton.

A hoton amarya da ƙawayenta, inda leshi da ashoben shunayya suka cika wuri, gara ka bar ma'aunan a 0 ka koma Photoshop. Ka kwafi shimfiɗar hoton da Ctrl+J, ka sa mata Gaussian Blur har launin zaren ya narke, wanda a yawancin hotuna tsakanin 5 da 10 yake isa. Ka canza yanayin haɗinta daga Normal zuwa Color, ka rufe ta da baƙin Layer Mask, sannan ka bi kan zaren da farin buroshi siriri. Zaren zai ari launin abin da ke maƙwabtaka da shi, kaifin hoton kuma yana nan yadda yake. Kada buroshin ya fi zaren faɗi da yawa, in ba haka ba launin fata zai malala kan farar riga. Mai aiki da waya kuma zai iya buɗe Snapseed, ya zaɓi Brush, ya sa Saturation a -10, ya ƙara girman hoton sosai, ya bi zaren da yatsa a hankali.

Gyara yana da iyaka. Idan farar rigar ta ƙone da haske har saƙarta ta ɓace, cire shunayyar zai bar layin toka ne kawai a gefe. Don haka rigakafi ya fi magani. Da rana tsaka, ka rage ƙofar haske zuwa f/4 ko f/5.6, wanda yake rage iri na biyu ƙwarai, ko da yake ba ya taɓa na farko. Ka rage hasken hoton da -0.7 idan fari ya yi yawa, ka ɗauka a RAW don launukan su zo maka ba a matse ba. Idan da hali, ka matsar da ango ya shiga inuwa gaba ɗaya, bayansa ya zama katanga maimakon farin sama.

Kafin ka kai hoto wurin bugawa, ka duba kusurwoyi huɗu, da gefen kowane farin kaya, da duk inda shunayya ko kore na gaskiya yake. Ka kashe gyaran ka kunna, ka kwatanta. Idan zaren ne kaɗai ya canza, aiki ya yi.