Juyewa da Rarrabuwar Haruffan Ajami a Fayil ɗin PDF: Dalilai da Hanyar Kariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa rubutun Ajami ya juye ko haruffansa su rarrabu idan aka mayar da shi PDF. An ɗauki sunan garin Birnin Kudu na Jihar Jigawa a matsayin misali, sannan aka kawo hanyar gano matsalar da ta kauce mata.

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya buga matanin Ajami a kwamfuta yakan ga komai daidai, sai bayan an mayar da aikin PDF ɓarnar ta bayyana. Idan edita bai iya karanta Ajami ba, haka matanin zai fita, masu nazari kuma su kafa hujja da gurɓataccen rubutu.

2.0 Tushen Matsalar

Kwamfuta tana adana haruffa ne bisa jerin da aka buga su. Kalmar Kudu (كُدُ) tana zaune a matsayin kaf da rufu'a, sannan dal da rufu'a, wato U+0643 U+064F U+062F U+064F. Kafin ta bayyana, sai an yi mata ayyuka biyu. Na farko shi ne jera ta daga dama zuwa hagu, bisa ƙa'idar Unicode mai suna UAX #9. Na biyu shi ne zaɓa wa kowane harafi siffar da ta dace da gurbinsa: ta farkon kalma, ta tsakiya, ta ƙarshe, ko ta zaman kaɗaici. Injuna irin su HarfBuzz ne ke yin wannan aiki na biyu.

Shi kuwa PDF, siffofin da aka riga aka zaɓa yake adanawa, tare da wurin zaman kowace a shafi, ba ya sake lissafi. Saboda haka, idan manhajar da ta samar da shi ta tsallake aikin farko, sai kaf ya koma hagu, mai karatu ya fara da dal. Idan aiki na biyu ta tsallake, sai kowane harafi ya tsaya shi kaɗai.

3.0 Misali da Kalmar Birnin

A kalmar Birnin (بِرْنِنْ), ba tana haɗuwa da ra, amma ra ba ta haɗuwa da abin da ke bin ta. Don haka giɓin da ke bayan ra ba kuskure ba ne. Alamar ɓarna ita ce a ga ba ta rabu da ra, ko nun biyun sun rabu.

Lamarin ya fi tsanani ga mai bin salon rubutun Warshu, inda nun ɗin ƙarshen kalma ba ya ɗaukar ɗigo. Unicode ya ware masa lamba U+08BD a shekarar 2016. Harafin yana da ɗigo a farko da tsakiya, ba shi da shi a ƙarshe ko a kaɗaice. Idan haɗin haruffa ya gaza, nun biyun duk sai su fito ba ɗigo.

Akwai dabarar da masu shirya manhaja ke amfani da ita, wato arabic_reshaper tare da python-bidi. Ta farko tana musanya haruffa da shiryayyun siffofin da aka tanadar wa Larabci da wasu harsuna. Sai dai U+08BD da harafin tsa (ڟ) ba su da irin waɗannan siffofi, don haka sukan tsaya a ware. Haka kuma, idan aka miƙa matanin da python-bidi ya riga ya juya ga manhajar da ita ma take juyawa, sai ya fito a birkice.

4.0 Hanyar Kariya

Da farko, a zaɓi nau'in harafin da ya ƙunshi haruffan Hausa, kamar Alkalami na hukumar SIL, wanda aka zana bisa rubutun Kano, ko Harmattan. Sannan a daidaita alkiblar sakin layi zuwa dama-zuwa-hagu, domin matsar da rubutu gefen dama kawai ba ya sauya alkibla. A LibreOffice a yi amfani da Export as PDF, a InDesign kuma a zaɓi Adobe World-Ready Paragraph Composer. Bayan haka a gwada fayil ɗin:

```
pdffonts matani.pdf
pdftotext matani.pdf -
```

Umarni na farko zai nuna ko an cusa nau'in harafin a cikin fayil, idan aka ga yes a ƙarƙashin emb. Na biyu zai fitar da matanin da ke ƙarƙashin shafi. Shafi yana iya yin kyau a ido, amma matanin da aka kwafo ya birkice, domin taswirar ToUnicode, wadda ke mayar da siffa ga harafinta, ta yi rauni. Irin wannan fayil ya karantu, amma neman kalma a cikinsa ba zai yi daidai ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa juyewa daga rashin jeri take tasowa, rarrabuwa kuma daga rashin zaɓen siffa. Gyara a cikin PDF yana da wuya, don haka ya kamata mujallu su riƙa karɓar asalin fayil tare da PDF ɗinsa, kuma wanda ya iya Ajami ya duba shafukan kafin a wallafa.