Filin Darasi: Kuɗi Sun Shiga Hannu, Amma An Yi Ciniki Kuwa?

 A wannan mako filinmu na darasi ya leƙa fannin lissafin kasuwanci, musamman saboda 'yan aji shida masu shirin jarrabawar WAEC da NECO. Tambayarmu guda ce: idan mai saye ya ba da kafin alƙalami yau, kayan kuma sai wani watan za a kai masa, yaushe mai sayarwa zai rubuta cewa ya yi ciniki?

Da yawanmu za mu ce ranar da kuɗi suka shiga aljihu. Wannan amsa ce ke zubar wa ɗalibai maki, ita ce kuma ke karya masu sana'a. Kowa ya san telan da ke tara kuɗin ɗinki tun farkon azumi, ya kashe su kamar ribarsa ce, ranar jajibirin salla kuma a neme shi a rasa. Kuɗin sun shiga hannunsa, amma ba su zama nasa ba, domin bai sauke nauyin da ya ɗauka ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. A littafin lissafi ma haka yake: kafin alƙalami bashi ne a wuyan wanda ya karɓa, har sai ya miƙa kayan.

Ƙa'idar a taƙaice

Ana ƙirga ciniki ne lokacin da kaya suka koma ƙarƙashin ikon mai saye, ba lokacin da aka biya ba. Biyan kuɗi na iya rigan miƙa kaya, yana iya zuwa tare da shi, yana kuma iya biyo baya. Ranar miƙawa ita ce ma'auni.

Wannan ba ra'ayin malamin aji kaɗai ba ne. Akwai ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 15, wadda aka fitar a watan Mayun 2014, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Manyan kamfanonin Najeriya suna bin ta, domin ƙasarmu ta fara aiki da tsarin IFRS tun 2012. Ƙa'idar ta shimfiɗa matakai biyar: a tabbatar akwai yarjejeniya, a fayyace abin da aka yi alkawarin bayarwa, a san jimillar farashi, a raba farashin a kan kowane alkawari, sannan a rubuta ciniki yayin da aka cika kowane ɗaya. Kada yawan matakan ya tsorata ku. Bari mu gwada su a shagon kafinta.

Misali: benci arba'in daga Kankiya zuwa Kusada

Mun ƙirƙiri wannan misali ne domin darasi. A ce akwai wani kafinta a garin Kankiya da ke rufe littafinsa kowace shekara ranar 31 ga Disamba. Wata makarantar Islamiyya a Kusada ta ba shi aikin benci 40, kowane a kan ₦25,000, jimilla ₦1,000,000. Kowane benci yana cin masa ₦18,000 na katako, ƙusa, fenti da ladan yaran shago. Ke nan ribarsa a benci guda ₦7,000 ce. An yi sharaɗi shi zai kai kayan har harabar makaranta.

Ranar 10 ga Nuwamban 2024 makarantar ta ba shi kafin alƙalami na ₦600,000. Ko benci ɗaya bai bar shago ba. Saboda haka zai rubuta ₦600,000 a ɓangaren hagu na asusun tsabar kuɗi, wato inda muke sa Dr, domin kuɗi sun shigo. Ɗaya rubutun kuma ba asusun ciniki zai je ba. Zai buɗe asusu mai suna kuɗin da aka karɓa kafin miƙa kaya, ya sa ₦600,000 a ɓangaren dama, inda muke sa Cr. Wannan asusu na bashi ne. Dalili kuwa a fili yake: da shagon zai ƙone a daren nan, makarantar za ta nemi ko bencinta ko kuɗinta. Cinikin wannan rana sifiri ne.

Ranar 20 ga Disamba ya loda benci 16 a mota, aka sauke su a Kusada, shugaban makaranta ya duba ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Yanzu ne aka yi ciniki, kuma na benci 16 kawai: 16 sau ₦25,000, wato ₦400,000. Zai cire wannan adadi daga asusun bashin nan ta hanyar sa shi a hagu, ya kai shi dama a asusun ciniki. Ku lura, ko kwabo bai shigo ba a wannan rana, amma ita ce ranar ciniki. Abin da ya rage a wuyansa shi ne ₦200,000.

Ranar 31 ga Disamba aka rufe littafi. Cinikin shekara daga wannan aiki ₦400,000 ne. Abin da benci 16 suka ci shi ne 16 sau ₦18,000, wato ₦288,000. Riba ta kama ₦112,000. Ragowar ₦200,000 za ta fito a takardar bayanin dukiya da basussuka, cikin jerin basussukan da za a sauke nan kusa. A ce kuma a ranar akwai benci 10 da ya gama, suna jingine a shago fenti na bushewa. Su ma ba ciniki ba ne. Haja ce, kuma za a rubuta su a kan abin da suka ci, ₦180,000, ba a kan farashin sayarwa ba.

Ranar 15 ga Janairun 2025 ya kai ragowar benci 24. Cinikinsu ₦600,000 ne, kuma na sabuwar shekara ne. Daga ciki, ₦200,000 ta goge bashin da ke kansa. Saura ₦400,000 kuwa yanzu shi ke bin makarantar. Kun ga yadda reshe ya juye: jiya ana binsa benci, yau yana bin kuɗi. Da makarantar ta biya shi a watan Fabrairu, tsabar kuɗi ta ƙaru, bashin da yake bi ya ƙare, amma ba a sake rubuta wani ciniki ba. Wanda ya sake rubutawa ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Ina illar kuskure?

Da kafintan ya ɗauki ₦600,000 ɗin farko a matsayin ciniki, da littafinsa ya nuna ribar ₦312,000 a 2024 maimakon ₦112,000. Ribar bogi ta ₦200,000 ke nan. Idan ya yarda da ita ya yi hidimar gida, kuɗin katakon da bai saya ba ya cinye. Idan kuma katako ya tashi a watan Janairu, farashin benci na nan yadda aka yanke, asarar tasa ce. Idan yana da abokin tarayya, za su raba ribar da babu ita. Jimillar cinikin shekarun biyu ₦1,000,000 ce ko ta wace hanya aka bi, amma kuskuren ya kumbura shekara ɗaya ya rame ɗayar, kuma da wannan hoton ƙarya mai shago zai yanke shawara.

Yaya mai binciken littafi ke gano haka? Yana ɗauko rubutun cinikin kwanakin ƙarshen Disamba da na farkon Janairu, ya gwada kowanne da takardar karɓar kaya. Rasit shaida ce ta biyan kuɗi kawai. Takardar da mai saye ya sa wa hannu ita ce shaidar miƙawa. Inda ya ga an rubuta cinikin benci 24 alhali takarda ta nuna 16, ya kama zaren.

Wurare biyu da ke rikita ɗalibai

Na farko, kayan da aka saya aka bari ajiya. Ɗan kasuwa ya sayi buhun masara 50 a Kankiya, ya biya duka, ya ce a ajiye masa a sito sai ya samo mota. An yi ciniki? Ana iya cewa e, idan sharuɗɗa huɗu sun cika: akwai dalili na gaske, kamar a ce mai sayen ne ya nemi ajiyar, an ware buhunan an san nasa ne, a shirye suke ya ɗauka ko yanzu, kuma mai sito ba shi da ikon amfani da su ko sayar wa wani. Idan kuwa buhunan na cikin tarin da ake ɗiba ana auna wa kowa, to har yanzu kuɗin bashi ne.

Na biyu, aikin da ake cikawa kaɗan-kaɗan. Makarantar kuɗi ta karɓi ₦30,000 na zangon karatu mai wata uku a makon farko. Ba ta ci kuɗin a ranar ba. Kowane wata da ta koyar, ₦10,000 ke tashi daga bashi ya koma kuɗin shiga. Haka katin waya yake. Idan kun loda na ₦500, kamfanin ba ya ƙirga shi kuɗin shiga sai gwargwadon kiran da kuka yi ko datar da kuka ƙona.

Malamanmu na addini za su tuna mana cewa fiƙihu ma ya san irin wannan ciniki. A cinikin salam ana biyan kuɗi tun farko, kaya su zo daga baya, da sharaɗin a san awo ko nauyi da kuma wa'adi, kayan kuwa bashi ne a kan mai sayarwa har ya kawo. Manomin da ya karɓi kuɗin gero tun damina bai huta ba sai ya auna a kaka.

Don haka idan kun ga irin wannan tambaya a jarrabawa, kada ku fara neman ranar biya. Ku ja layi ƙarƙashin ranar miƙa kaya da yawan abin da aka miƙa. Ku ninka da farashi, wannan ne ciniki. Ku gwada da abin da aka biya: idan biya ya fi yawa, bambancin bashi ne a kan mai sayarwa, idan ciniki ya fi yawa, mai saye ake bi.

Aikin wannan mako

Wata tela a Kusada ta karɓi ɗinkin kayan makaranta saiti 12, kowane ₦8,000. An ba ta ₦60,000 ranar 5 ga Satumba. Ta miƙa saiti 5 ranar 28 ga Satumba, sauran kuma ranar 10 ga Oktoba. Nawa ne cinikinta na Satumba? Nawa ke wuyanta ranar 30 ga Satumba? Bayan ta miƙa sauran, wa ke bin wa, kuma nawa?

Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin a tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsar da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.