Farashi ya tashi da kashi 5, ni kuma na fito da asara

A zangon karatun da ya wuce na ɗauki 200 USDT, wanda rabinsa kuɗin buga furojet ɗina ne, na sayi wani ƙaramin kuɗin kirifto da ake ta zuzutawa a hostel. Bayan kwana biyu farashinsa ya tashi daga 0.0500 zuwa 0.0525. Na lissafa ribar dala 10, na sayar. Abin da ya dawo mini 195.6 ne. Da farko na zaci manhajar ce ta cuce ni, sai da na zauna da biro da takarda na ga inda kuɗin suka bi.

Farashin nan da kake gani ɓaro-ɓaro a saman allo, galibi na cinikin ƙarshe ne da wasu suka yi. Ba wanda ya yi maka alkawarinsa. Gaskiyar kasuwa tana cikin Order Book, jerin masu saye da masu sayarwa. A ranar, mai saye mafi tsada ya taya 0.0495, mai sayarwa mafi araha yana neman 0.0505. Wannan tazarar ta 0.0010 kashi 2 ce cikin ɗari na farashin. Wato ko ka saya ka sayar nan take, ba abin da ya motsa, kashi 2 ya tafi.

Amma ba tazarar ce ta fi cina ba. Na danna Market, ma'ana a saya mini a duk farashin da aka samu. Ka ɗauka ka je ƙaramar kasuwar ƙauye kana son buhun gero, mai araha kuwa tiya goma kawai ya kawo. Dole ka matsa wurin na gaba, shi kuma nasa ya fi tsada. Haka ya faru. Mai 0.0505 guda 1,000 kaɗai yake da su, suka ci 50.5. Na gaba yana da 1,500 a kan 0.0515, suka ci 77.25. Ragowar 72.25 ta faɗa hannun mai 0.0530, na samu guda 1,363. Jimilla 3,863 ke nan, ni da nake tsammanin 4,000. Matsakaicin farashina ya zama kusan 0.0518. Wannan shi ne zamewar farashi: odarka ta fi ƙarfin kayan da ke gaban layi, sai ta riƙa hawa tana cin masu tsada.

Manhajar ta cire kamashonta na kashi 0.1, guda 4, saura 3,859.

Ranar sayarwa aka maimaita, sai dai ƙasa aka riƙa gangarawa. Guda 1,000 sun tafi a 0.0520, guda 1,500 a 0.0510, sauran 1,359 kuma a 0.0495, ƙasa ma da farashin ranar da na shiga. An tashi da 195.8, aka cire kamasho ya koma 195.6.

To duba rabon. Tsakanin 210 da na sa rai da abin da na karɓa akwai giɓin 14.4. Kamashon da muke ta ƙorafi a kansa a guruf 0.4 kacal ya ci. Tazara ta ci kusan 4, zamewa ta haɗiye kusan 10. Kamasho ne kawai ake rubuta maka a rasit, sauran biyun suna ɓoye cikin farashin, shi ya sa mutum zai yi ciniki ashirin bai lura ba. Da sai farashin ya tashi da sama da kashi 7 kafin in maida uwar kuɗina kawai.

Yanzu kafin in taɓa komai, ɓangaren masu saye nake fara dubawa, domin ta nan zan fita. Ina tara abin da layuka uku na farko za su iya ɗauka. Idan bai ninka kuɗina sau da yawa ba, ko in rage, ko in haƙura. Gwada ka buɗe BTC/USDT a babbar kasuwa ka kwatanta: a can dala 200 ko layin farko da wuya ta ƙarar.

Na kuma koma Limit, inda ni ke yanka farashi, ba za a wuce shi ba. Sai dai shi ma da nasa ciwon. Odar tana iya kwana ba a cika ta ba, ko a cika rabi a bar ka da rabi. Ranar da farashi ke rugujewa kuwa, masu saye janye tayinsu suke yi, layukan da ka ƙirga jiya su ɓace, odarka tana rataye a sama kana kallo.

Furojet dai an buga shi, da cikon da na aro wurin abokin ɗakina.