Batirin da Ke Ajiye Wuta a Cikin Tanki

Tambaya: Malam, na ji ana maganar wani batiri da ake zuba masa ruwa a manyan tankuna. Yaya ruwa zai riƙe wutar lantarki, kuma me ya sa ba mu ganinsa a mota ko a waya? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, ruwan ba na sha ba ne. A samfurin da ya fi yaɗuwa, ƙarfen banadiyam ne ake narkarwa a cikin asid, a zuba a tankuna biyu. Farfesa Maria Skyllas-Kazacos ce ta jagoranci ƙirƙiro shi a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya a shekarun 1980.

Famfo biyu ne ke tura ruwan kowane tanki zuwa wani akwati da ke tsakiya, inda siririn shamaki ya raba su. In ana caji, wutar da ke shigowa tana ƙwace ilektaron daga ruwan tanki ɗaya ta ba ɗayan. Har launinsu kan sauya: shuɗi ya koma rawaya, kore ya koma shunayya. In aka buƙaci wuta, ilektaron ɗin su dawo ta waya su kunna kayan aiki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, girman akwatin ke yanke ƙarfin wutar, girman tanki kuma ke yanke tsawon lokacinta. A ce wani asibiti na son kilowat 100 na awa huɗu. Lita guda tana riƙe abin da zai ba da kimanin wat 20 na awa ɗaya, saboda haka yana buƙatar lita 20,000. In ya so awa takwas, sai ya ninka ruwan da tankunan, akwatin na nan yadda yake. Wannan yawan ruwan ne ya hana batirin shiga mota ko waya, domin batirin litiyam mai girman lita guda yana riƙe fiye da ninki goma. Amma a tashar da aka gina a ƙasa nauyi ba matsala ba ne. A 2022 aka haɗa batirin banadiyam mai megawat 100 na awa huɗu da layin wutar birnin Dalian a Sin.

Ruwan ba ya kama wuta, kuma yana jure caji sau dubbai. In banadiyam ya tsallaka shamakin, za a ga ruwan tanki ɗaya ya ƙaru, ajiya ta ragu; da yake ƙarfe ɗaya ne a ɓangarorin biyu, sai a gauraya su a sake caji.

Aibinsa kuwa, wajen rubu'in wutar da aka zuba kan salwanta, famfo ma na cin nasa. Sannan in zafin ruwan ya haura digiri 40, banadiyam kan daskare ya toshe hanyoyin akwatin. A gari kamar naku, inda bazara ke wuce haka, dole a saka kuɗin na'urar sanyaya ruwan a lissafi tun farko.