Gyara shafin "About Us": fara da amfanin kwastoma

Mai neman inda zai gyara wayarsa ya buɗe shafin wani shago a Farm Centre, Kano. Layin farko ya ce: "Mai shagon ya fara da tebur ɗaya." Allon waya ƙarami ne, kuma layin bai amsa tambayarsa ba. Sai ya fita.

Ga gyaran: "Muna canza gilashin waya a gabanka, ka san farashi kafin mu kwance ta." Tarihin kuma ya koma ƙasa, a matsayin hujjar ƙwarewa.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan kowace jimla ka tambaya: me kwastoma ya ƙaru da shi? In babu amsa, goge ta. Amma kada ka rubuta alkawarin da shago ba zai cika ba.