Nazarin Sharuɗɗa Uku a Kwantiragin Ɗan Ƙwallon da Ke Haɗa Wasa da Wata Sana'a

Wannan maƙala ta dubi sharuɗɗa uku da suka fi jawo saɓani tsakanin ƙungiya da ɗan wasa. A dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, duk wanda yake da rubutaccen kwantiragi, kuma abin da ake biyan sa ya haura abin da yake kashewa a wasan, ƙwararre ne, ko da yana da wata sana'a.

Sharaɗi na farko shi ne na tukuici. Albashi haƙƙi ne tsayayye, amma tukuici sai abin da aka gindaya ya tabbata. Idan takarda ta ce naira 10,000 ga wanda aka fara wasa da shi, to wanda ya shigo a canji bai da abin da zai nema.

Na biyu shi ne amfani da hoto da suna. Wajibi ne a fayyace ko izinin ya tsaya ga tallan ƙungiya, ko ya haɗa da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta, da kuma ranar ƙarewarsa.

Na uku shi ne soke kwantiragi. Tun 2018, FIFA ta tanadi cewa wanda ya biyo ƙungiya albashin wata biyu zai iya sokewa, muddin ya ba ta wa'adin aƙalla kwana 15 a rubuce. Mai albashin naira 80,000 sai bashin ya kai 160,000, domin albashi dokar ta ambata, ba tukuici ba. Wanda ya fice ba tare da rubutaccen gargaɗi ba yana iya zama shi ne mai biyan diyya.