Zaman Bitar Littafi: Tambayoyi Biyar Kan "Wa Zai Auri Jahila?"

Kin tara ƙawayenki a Isa ko Sabon Birni, kun karanta "Wa Zai Auri Jahila?" na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Saura zaman bita. Idan kika buɗe da "ya kuka ga littafin?", za a ce miki "ya yi daɗi", sai a koma hirar biki. Idan kuma kika ce "wa ke da gaskiya, Abu ko mahaifinta?", zaman zai rabu gida biyu kafin a zuba fura. Sirrin yana wajen tsara tambaya. Ga yadda za ki yi.

1. Gobe da safe, taƙaita labarin a layi shida

Ba kowa ke gama littafi ba, musamman idan kwafi ɗaya ne ke zagaya gidaje. Ki rubuta wannan, ki karanta a farkon zama: an cire Abu daga makarantar boko tana yarinya. Ɗan'uwanta Ahmadu, da aka yi musu alkawarin aure, ya yi karatu ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Mahaifinta Malam Garba ya aurar da ita ga Sarkin Noma, mai dukiya da ya isa ya haife ta. Ta gudu Kano wajen gwaggonta Hajiya Kumatu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

2. Ki gayyaci mutum shida zuwa takwas, da babba guda

Idan 'yan mata ne zalla, kowa zai goyi bayan Abu, hira ta mutu a minti goma. Ki nemi inna ko gwaggo wadda ta aurar da 'ya. Ko ba ta iya karatun boko ba, a karanta mata. Ki sa zaman bayan azahar, a tashi da la'asar, domin kin san halin hanyoyinmu: kowa ya isa gida da sauran rana.

3. Tambaya ta farko: wa ya fara karya alkawari?

Da wannan za ki buɗe, don tana da amsa a cikin littafin, ba a cikin zuciyar kowa ba. Kafin Abu ta yi wa kowa gardama, an riga an cire ta daga makaranta, Ahmadu kuma ya juya mata baya. Ki bari su jera abubuwan da kansu. Nan za su gane cewa haƙƙi hanya biyu gare shi: akwai biyayyar da ke kan 'ya, akwai amanar da ke kan uba.

4. Tambaya ta biyu: me Malam Garba yake tsoro?

A nan ne naman hirar yake, ki ba ta minti ashirin. Ki zaɓi wadda ta fi kowa jin haushin uban, ki ce: "Yau ke ce Malam Garba. An fasa auren 'yarki, gari ya ɗauka. Faɗa mana abin da ya hana ki barci."

Da farko za ta ce "mugunta ce kawai". Kada ki karɓa. Ki tambaye ta: me za a ce da shi a ƙofar masallaci? Wa zai sake zuwa neman yarinyar da ɗan'uwanta ya ƙi? Amsoshin za su fara fitowa: kunya, tsegumi, tsoron yarinya ta lalace a gabansa, wataƙila da kwaɗayin haɗa zuri'a da mai hannu da shuni. Ki rubuta su a takarda. Sannan ki juyo ga babbar da kika gayyata: "Inna, a cikin waɗannan, wanne ne don Abu, wanne ne don shi kansa?"

Idan ta yi shiru kafin ta amsa, tambayar ta yi aiki. Idan kowa ya amsa baki ɗaya, kin sauƙaƙa ta da yawa, sai ki ƙara: da a garinmu ne yau, inda rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu har wasu suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi, uban da ya ce ɗakin miji ya fi wa 'yarsa aminci, ɗaya yake da Malam Garba?

5. Tambaya ta uku: wace ƙofa ce ta rage wa Abu kafin ta gudu?

Kada ki tambaya ko gudun daidai ne. Ki ce su lissafa waɗanda yarinya a nan za ta kai wa kuka: uwa, kaka, kawu, liman, mai unguwa, alƙali. Kowanne a tambaya: zai saurare ta? In ya saurara, maganarsa za ta shiga kunnen uban? Ki tuna musu kuma cewa ba bariki ta shiga ba, gidan gwaggonta ta nufa. To, ta bar dangi ne, ko ta sauya wanda za ta bi a cikin dangi?

6. Tambaya ta huɗu: da ba ta yi nasara ba fa?

Marubuciyar ta ba Abu ƙarshe mai kyau. Ki cire shi. A ce ta isa Kano ba ta tarar da Hajiya Kumatu ba, ko karatun bai yiwu ba. Shin har yanzu tana da hujjar ƙin auren? Wadda ta ce a'a, nasara take yabo. Wadda ta ce e, haƙƙin Abu take karewa. Ki nuna musu bambancin, ki wuce.

7. Tambaya ta biyar: wa ya biya kuɗin 'yancinta?

Duk wanda ya fita, akwai wanda ya bari a baya yana amsa tambaya. Su duba uwarta, da sunan gidansu, da gwaggon da ta ɗauki nauyin. Sai ki rufe da wannan: bayan ta samu aiki, me gidansu ke binta, me kuma ba ya binta?

8. Idan magana ta koma fatawa, ki tsayar

Dole wata ta kawo ikon uba na aurar da budurwa a mazhabar Malikiyya, wata ta mayar mata da hadisin neman izinin budurwa. Dukansu suna cikin littattafan malamai, kuma zamanku ba zai yanke hukunci ba. Ki rubuta tambayar, a kai wa malamar Islamiyya, a kawo amsa zama na gaba.

9. Doka ɗaya: ba a kama suna

A gari kamar namu, "wata da na sani" kowa ya san ta. Ki faɗa tun farko: sunayen cikin littafi kaɗai za a ambata. Idan kika ga wata ta sunkuyar da kai, ko ta tashi ɗebo ruwa ba ta dawo ba, labarin ya taɓa gidansu. Kada ki nuna ta. Ki sauya tambaya, ki same ta ke da ita daga baya.

Ba dole ki gama biyar ɗin a zama ɗaya ba. Idan ta biyu ta cinye lokacin, ki bar ta ta cinye, sauran su jira mako mai zuwa. Ki rubuta tambayoyin a takarda guda, ki aika wa kowa kwana biyu kafin zaman, ki tabbata Inna ce ta fara samu.